Harajin da Ba a Yanka wa Rasit

A watan Mayun 2023 Majalisar Dattawan Najeriya ta amince a mayar da bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin tarayya ta ci daga Babban Bankin Najeriya zuwa takardun lamuni na shekara 40, da ruwan kashi 9 cikin ɗari, kuma ba za a fara biyan uwar kuɗin ba sai bayan shekara uku. A tsakiyar 2015 wannan bashi bai kai tiriliyan ɗaya ba. A watan Disambar 2023 aka sake amincewa da wani tiriliyan 7.3 ta wannan hanya. Muhawarar da aka yi a lokacin ta fi karkata ga tambayar inda kuɗin suka tafi, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa. Amma akwai wadda ta riga ta, wato daga aljihun wa suka fito. Babban Banki ba ya noma, ba ya saƙa, ba ya haƙo mai. Idan gwamnati ta sayi siminti ko ta biya ɗan kwangila da kuɗin da Babban Banki ya ƙirƙira, simintin da aikin na gaske ne, don haka tilas wani a ƙasar ya rage abin da zai iya saya gwargwadon abin da gwamnati ta ɗauka. Ra'ayina shi ne wannan haraji ne cikakke, yana da masu biya, yana da ƙima, yana da iyaka, kuma ya kamata a auna shi da ma'aunin da ake auna kowane haraji. Idan aka auna shi haka, za a ga abin da yake kawo wa gwamnati kaɗan ne, ɓarnarsa mai yawa ce, kuma nauyinsa ya fi sauka a kan wanda bai da hanyar kauce masa.

Da farko sai a gyara wata fahimta. Idan aka ce gwamnati ta buga kuɗi, mutane da yawa sukan hango injuna suna fitar da sababbin 'yan dubu-dubu. A zamanin nan ba haka abin ya fi faruwa ba. Gwamnati tana da asusu a Babban Banki. Idan abin da ke shigowa bai kai abin da za a kashe ba, sai Babban Banki ya ƙyale ta ta zari fiye da abin da ke cikin asusun, ya rubuta bambancin a matsayin rance. Gwamnati ta biya ɗan kwangila, kuɗin su faɗa asusunsa a bankin kasuwanci, shi kuma bankin ajiyarsa a Babban Banki ta ƙaru da daidai wannan adadi. Ba a buga ko takarda ɗaya ba, amma naira da jiya babu ita yau ta wanzu. Alƙaluma sun tabbatar da haka. A ƙarshen 2022, lokacin da bashin ya haura tiriliyan 22, duka takardun nairar da ke yawo tiriliyan 3 ne da 'yan kai. Abin da masana ke lura da shi shi ne tushen kuɗi, wato takardun da ke hannun jama'a haɗe da ajiyar bankuna a Babban Banki. Wannan ne kaɗai kuɗin da hukuma ke ƙirƙira da kanta kusan ba tare da ta kashe komai ba, kuma a kansa ne harajin da muke magana yake sauka kai tsaye.

Abubuwa biyu ne a nan da ake yawan cakuɗawa, kuma raba su yana da amfani. Na farko ribar buga kuɗi, wato yawan kaya da aikin da gwamnati ta iya saye da sababbin kuɗin da ta ƙirƙira a shekara. Na biyu harajin hauhawar farashi, wato darajar da ta zube daga kuɗin da jama'a suke riƙe da su saboda kaya sun yi tsada. Ba kullum suke zama daidai ba. A ce tattalin arzikin wata ƙasa yana girma da kashi 3 cikin ɗari a shekara, jama'a suna ƙaruwa, ciniki yana ƙaruwa. Mutane za su buƙaci ƙarin kuɗi a hannu don gudanar da wannan ciniki, kuma Babban Banki zai iya ƙara tushen kuɗi da kashi 3 ba tare da farashi ya motsa ba. Wannan riba ce halastacciya, kowace ƙasa mai kuɗinta tana cin ta. Sai dai a lissafa girmanta. Idan tushen kuɗi ya kai kashi 10 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, kashi 3 na kashi 10 bai kai sulusin kashi ɗaya ba. Iyakar abin da za a samu kyauta ke nan. Duk abin da ya wuce wannan, sai an karɓe shi daga hannun wani, kuma hanyar karɓarsa ita ce tsadar kaya. Kamar kunu ne da aka ƙara wa ruwa don ya ishi baƙi: kofuna sun ƙaru, geron bai ƙaru ba, kuma wanda ya zuba ruwan shi ya fara ɗiban nasa tun kafin a gauraya. Gwamnati tana kashe sababbin kuɗin a tsohon farashi, sauran jama'a kuma suna tarar da sabo.

Bari mu bi lissafin a kan mutum ɗaya. A watan Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashi ya tashi da kashi 34.8 cikin ɗari idan aka kwatanta da Disambar 2023. Wanda ya riƙe naira 100,000 tsawon wannan shekara, a ƙarshenta abin da za ta saya masa shi ne abin da naira 74,200 ta saya a farkonta, domin idan aka raba 100,000 da 1.348 abin da ake samu ke nan. Ya yi asarar kusan naira 25,800, alhali ko sisi bai fita daga hannunsa ba. Ƙimar harajin ke nan, kusan kashi 26 cikin ɗari na abin da ya riƙe. Don a ji nauyinsa, harajin sayen kaya a Najeriya kashi 7.5 ne, zakkar kuɗi kuma kashi 2.5 ce, ita ma sai dukiya ta kai nisabi. Harajin tsada ya ninka zakka sau goma, kuma ba shi da nisabi, yana cin naira dubu biyar ɗin mai tallan ƙosai da ƙima ɗaya da yake cin miliyoyin attajiri. Wanda ya kai kuɗinsa asusun ajiya bai tsira ba. Ƙa'idar Babban Banki ita ce mafi ƙarancin ruwan ajiya ya zama kashi 30 cikin ɗari na ruwan da bankin ya tsayar, wanda ya kai 27.5 a ƙarshen 2024, wato ajiya tana samun 8.25. Ko da mai ajiya ya samu wannan tun farkon shekara, ya rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin kuɗinsa. Ga dimbin mutanen da ba sa karɓar ruwa saboda addini, asarar cikakkiya ce.

Ƙimar ɗaya ce, amma nauyin ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne rashin adalcin wannan haraji yake. Attajiri ɗan kaɗan ne daga dukiyarsa ke zaune a naira. Saura fili ne, gida, kaya a sito, dala, ko hannun jari, kuma duk waɗannan farashinsu yana bin tsada. Sau da yawa ma yana da bashin banki a wuyansa, wanda tsadar take zaizaye masa. Malamin makaranta, ɗan fansho, lebura, bazawarar da ke adashi, su kusan duk abin da suka mallaka naira ce, ko alkawarin naira. A adashi na wata goma sha biyu, wadda ta kwashi farko da wadda ta kwashi ƙarshe adadi ɗaya suka karɓa, amma ba abu ɗaya suka saya ba. Albashi ma haka. An tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 30,000 a 2019, ba a ɗaga shi ba sai a Yulin 2024 da ya koma 70,000. A tsakanin nan farashi ya ninka fiye da sau biyu da rabi, ma'ana sabon albashin bai ma mayar da ma'aikaci inda yake a 2019 ba. Gaskiya ne cewa ba duk wannan asara ce ke shiga asusun gwamnati ba, wani kaso yana komawa ga masu ɗaukar ma'aikata da masu cin bashi. Amma gwamnati ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, ita ce kuma babbar mai cin bashin naira, saboda haka tana ci ta fuska uku: ta tushen kuɗi, ta albashi da fanshon da suka rage daraja, da ta tsofaffin takardun lamunin da za ta biya da naira mai rauni.

To in haka ne, me zai hana gwamnati ta dogara da shi har abada? Abin da ke hanawa shi ne masu biyan suna gudu. Wannan haraji yana sauka ne a kan kuɗin da mutane suka yarda su riƙe, kuma da zarar sun gane ana cin su sai su rage riƙon. Ɗan kasuwa ya mayar da cinikin yau zuwa kaya kafin gobe, manomi ya ƙi sayar da hatsi sai buƙata ta kama, mai 'yan kuɗi ya nufi 'yan canji. Phillip Cagan, wanda ya nazarci manyan hauhawar farashi bakwai na ƙasashen Turai a wani aiki da ya fito a 1956, ya nuna cewa darajar kuɗin da jama'a ke riƙewa tana raguwa yayin da tsammanin tsada ke ƙaruwa, kuma daga wani mataki abin da gwamnati ke samu yana fara komawa baya. Ga misali na kwatance, ba alƙaluman wata ƙasa ba. A ce idan tsada tana kashi 10, jama'a suna riƙe tushen kuɗi da ya kai kashi 10 na abin da ƙasa ke samarwa, gwamnati za ta samu ƙasa kaɗan da kashi ɗaya. Idan tsada ta kai kashi 50, suka rage riƙonsu zuwa kashi 6, kuɗi na rasa sulusin darajarsu a shekara, gwamnati ta samu kashi 2. Idan ta kai kashi 200, riƙo ya faɗi zuwa kashi biyu da rabi, ko da kuɗi sun rasa kashi biyu cikin uku, abin da za a samu bai kai 1.7 ba. An ninka tsada sau huɗu, abin shiga ya ragu. Idan giɓin da ake son cikewa kashi 4 ne, babu wani matakin tsada da zai cike shi. Hanya ɗaya da ta rage ita ce a riƙa buga kuɗi da saurin da ya wuce tsammanin mutane, su kuma kullum suna gyara tsammaninsu.

Ƙarshen wannan tsere sananne ne. A Jamus, a Nuwambar 1923, dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. A Zimbabuwe alƙaluman hukuma na Yulin 2008 sun nuna tsada ta kashi miliyan 231 cikin ɗari, a farkon 2009 aka fitar da takarda ɗaya ta dala tiriliyan 100, kuma a shekarar ƙasar ta haƙura da kuɗinta ta koma amfani da na waje, ta rasa har ribar halas ɗin da muka ambata. Kusa da mu, a Sudan tsada ta haura kashi 400 a tsakiyar 2021, bayan shekaru ana cike giɓin tallafi daga babban banki. Akwai kuma wani abin da ke ƙara saurin gangarawar, wanda Julio Olivera da Vito Tanzi suka bayyana. Haraji na yau da kullum ana biyansa ne bayan watanni, misali kamfani yana da wata shida bayan ƙarshen shekararsa kafin ya gabatar da lissafi, kuma a cikin tsada mai tsanani kuɗin suna isa asusun gwamnati sun riga sun rame. Giɓi ya ƙaru, a ƙara buga kuɗi. Najeriya ba ta kai nan ba, kuma ɗaya daga dalilan shi ne babban kaso na kuɗin shigarta na mai ne da ke zuwa da dala, wanda adadinsa a naira ke kumbura idan naira ta faɗi. Wannan kariya ce ta gaske, amma tana da mugun gefe, domin tana sa masu rabon kason wata-wata su ga adadi yana ƙaruwa a daidai lokacin da jama'a ke rasa ƙarfin saye.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan wannan ra'ayi ita ce tsadar Najeriya ba daga kuɗi take ba. Rashin tsaro ya hana noma a sassan Zamfara, Katsina, Neja da Binuwai, an cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, an saki naira a watan Yuni ta faɗi daga kusan 460 a dala zuwa sama da 1,500 a 2024. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma wanda ya ɗora dukan tsadar a kan rancen Babban Banki ya yi kuskure. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, ƙarancin kaya ko cire tallafi yana ɗaga farashi sau ɗaya ne, ya tsaya a sabon mataki. Farashin da ke ci gaba da tashi shekara bayan shekara, kashi 21 a ƙarshen 2022, kusan 29 a ƙarshen 2023, kusan 35 a ƙarshen 2024, yana buƙatar kuɗin da za su riƙa ɗaukarsa. Na biyu, faɗuwar naira ba daga sama ta zo ba. Shekaru ana ƙara naira, ana kuma riƙe farashin dala na hukuma da ƙarfi, sai matsin ya ɓulla a kasuwar bayan fage, inda dala ta kai kusan 750 lokacin da farashin hukuma yake 460. Sakin naira bayyana asarar da ta riga ta auku ne. Tallafin man kansa yana cikin abin da ya buɗe giɓin da aka cike da rancen. Don haka abubuwan da ake lissafawa a matsayin wasu dalilai na daban, biyu daga cikinsu rassan dalili ɗaya ne.

Wasu kuma suna kafa hujja da canjin kuɗi na ƙarshen 2022. A watan Fabrairun 2023 takardun da ke yawo sun faɗi ƙasa da tiriliyan ɗaya, amma tsada ta tsaya a kusan kashi 22, to ina alaƙar kuɗi da farashi? Amsar tana cikin abin da muka fara da shi. Kuɗin da aka karɓe daga hannun mutane ba a soke su ba, sun koma asusun banki ne, tushen kuɗi ya canza kama kawai. Abin da aka samu wahala ce a kasuwannin da ba su san ciniki sai da tsaba ba, giɓin gwamnati kuwa yana nan yadda yake. Babban Banki ya kuma yi ƙoƙarin kulle wani kaso na kuɗin da ya ƙirƙira ta hanyar ɗaga ajiyar tilas ta bankuna, daga kashi 32.5 a 2022 zuwa 45 sannan 50 a 2024. Wannan yana rage tsada, amma bai soke harajin ba, ya sauya masa hanya ne. Bankin da aka kulle wa rabin ajiyar jama'a ba tare da riba ba zai fanshe ta wurin rage abin da yake ba masu ajiya da ƙara ruwa a kan masu neman rance, don haka mai ƙaramar masana'anta a Sharaɗa ko Bompai yana biyan nasa kason ta tsadar jari.

Hujja ta gaba ita ce Amurka da Birtaniya da Japan sun ƙirƙiri kuɗi masu yawan gaske bayan 2008, kuma shekaru tsada ba ta taso ba. Haka ne. Amma yanayin ya sha bamban ta fuskar da lissafinmu ya dogara a kai, wato yardar mutane su riƙe kuɗin. A lokacin tattalin arzikinsu ya durƙushe, ruwa ya kusa sifili, kowa yana neman inda zai ɓoye dukiyarsa, kuma dala kuɗi ce da duniya ke so, wani babban kaso na takardunta ma a wajen Amurka yake. Babban bankin Amurka yana biyan ruwa a kan ajiyar bankuna tun 2008, saboda haka sababbin kuɗin sun fi kama da bashi mai ruwa. Mafi muhimmanci, bankunan ne suka yanke shawarar yawan abin da za su saya daga kasuwa, kuma an yarda za su iya janyewa, ba ma'aikatar kuɗi ce ke zara duk lokacin da asusu ya bushe ba. Duk da haka, da aka haɗa ƙirƙirar kuɗi da ƙaton giɓin kasafi lokacin annobar korona, tsada a Amurka ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022. Darasin da ke cikin misalin ya fi goyon bayan iyakar da muke magana a kai fiye da musanta ta.

Hujjar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta larura. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin tara haraji a duniya, ta shiga koma-bayan tattalin arziki a 2016 da 2020, kuma gwamnatin da ba ta biya sojoji da ma'aikata ba ta jawo masifar da ta fi tsada muni. Akwai ma masana, irin su Edmund Phelps a 1973, da suka ce tunda kowane haraji yana da ɓarnarsa, ɗan ƙaramin harajin tsada yana iya samun gurbi a cikin tsarin kuɗin shiga, musamman inda yawancin ciniki ba ya cikin rajistar hukuma. Na yarda da rabin wannan. A yaƙi ko annoba, rance na 'yan watanni daga Babban Banki ya fi rushewar hukuma. Dokar Babban Bankin ta 2007 ma ta tanadi haka a sashe na 38, inda ta yarda da rancen wucin gadi, amma kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na ainihin kuɗin shigar gwamnati na shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin ƙarshen shekarar da aka ci shi, in ba haka ba ƙofar ta rufe. A shekarun da bashin ya taru kuɗin shigar gwamnatin tarayya bai kai tiriliyan 10 a shekara ba, don haka iyakar ba ta kai rabin tiriliyan ba. Abin da ya tara tiriliyan 22.7 cikin shekara takwas ya tashi daga larura ya zama ɗabi'a. Kuma sauƙinsa ne ya cutar, domin gwamnatin da ke da wannan ƙofa ba ta da abin da zai tilasta mata ta faɗaɗa haraji ga masu hali, ko ta rage kashe kuɗi, ko ta tsaya gaban wakilan jama'a ta kare zaɓinta.

Jamhuriyar Nijar tana ba mu gefen kwatance. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, kuma babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da ita ya daina ba gwamnatoci rance kai tsaye tun farkon shekarun 2000. Nijar ta fi Najeriya talauci, ita ma tana fama da rashin tsaro da fari, amma a mafi yawan shekarun nan tsadarta ba ta wuce kashi 5 ba. Wannan ya raunana batun cewa talauci da rashin tsaro kaɗai suna isa su haifar da tsada mai ɗorewa. Tsarin yana da nasa farashin. A Janairun 1994 an rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya, kuma bayan juyin mulkin 2023 Nijar ta ga yadda ake iya toshe wa ƙasa asusunta idan makullin bankin ba a hannunta yake ba. Ba ina cewa Najeriya ta jingina kuɗinta ga wani ba. Abin lura shi ne abin da fatake ke yi tsakanin Jibiya da Maraɗi ko Illela da Ƙonni, inda mai halin zaɓi ya fi son a biya shi da sefa. Wannan ne gudun da Cagan ya auna, kuma yana cikin alamomin da kowa zai iya dubawa, tare da tazarar farashin dala na hukuma da na bayan fage, da ruwan ajiya da ya gaza tsada, da dillalan da suka rage wa'adin bashin kaya daga wata zuwa mako. Mai son alama mafi tabbas kuwa sai ya duba lissafin da Babban Banki ke fitarwa, ya ga ko bashin da yake bin gwamnati yana girma da saurin da ya wuce na tattalin arziki.

Saura batun cewa ai rance ne, kuma yanzu da aka mayar da shi takardun lamuni za a biya. A duba wa ke riƙe da takardun. Babban Banki aka ba su, ba a sayar wa jama'a ba, saboda haka ko naira ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙirƙira ba ta dawo ba. Ruwan kashi 9 a lokacin da tsada ta haura kashi 20 yana nufin ainihin darajar bashin tana narkewa kowace shekara, kuma ribar da Babban Banki ya samu, kaso mafi tsoka doka ta ce ya mayar wa gwamnati. Abin da aka cim ma shi ne an shigar da adadin cikin lissafin bashin ƙasa inda kowa zai gan shi, an kuma rage ruwan da a baya yake bin na Babban Banki da ƙarin kashi 3. Waɗannan amfani ne, amma masu riƙe da naira sun riga sun biya, kuma babu tanadin mayar musu. A watan da aka amince da wannan shiri Majalisar Dattawa ta kuma amince a ɗaga iyakar rancen daga kashi 5 zuwa 15, wanda a ganina gyara ne ta fuskar da ba ta dace ba, domin iyakar ba ta taɓa zama matsalar ba, rashin mai tsare ta ne. A farkon 2024 sabon gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya shaida wa majalisa cewa ba za a ƙara ba da rancen ba sai an biya na baya, amma wannan alkawarin mutum ɗaya ne, yana iya tafiya da tafiyarsa. Abin da dokar ke buƙata shi ne a wajabta buga adadin rancen kowane wata, a sa duk abin da ya haura iyaka ya zo majalisa da ƙuri'a kafin a zara kamar yadda ake yi wa sabon haraji, a kuma ambaci jami'an da za su amsa laifi, a ma'aikatar kuɗi da a bankin, idan shekara ta ƙare ba a biya ba.